Yadda sabuwar mai shagon gyaran gashi za ta raba kuɗinta da na shago, ta kuma riƙe lissafin kullum

Yawancin matanmu da suke buɗe shagon gyaran gashi a Makka ko Jidda, wato abin da ake kira mashgal a nan, a gida suka fara sana'ar. Sun yi shekaru suna kitso da lalle da dilka a falo, wadda aka yi wa aiki ta miƙo kuɗi, a jefa a jaka, daga jakar nan kuma a yi cefane, a biya adashi, a sayi garin lalle idan ya ƙare. A gida wannan tsari ba ya cutar da kowa, domin babu haya, babu albashin da ake jira. Matsalar tana farawa ne ranar da aka kama shago aka tafi da wannan ɗabi'a, saboda kuɗin da yake cikin durowar shago da dare yana da masu shi da yawa: mai gini yana da rabo a ciki, ma'aikaciya tana da rabo, kamfanin wuta yana da rabo, har amaryar da ta ba da kafin alƙalami ba a yi mata aikin ba tukuna tana da nata. Mai shago ita ce ta ƙarshe a layi. Idan ta riƙa ɗiba tun kafin a ware na sauran, ba za ta ga illar ba sai bayan wata shida, ranar da aka nemi kashi na biyu na haya.

Zan bi matakan ɗaya bayan ɗaya da misalin ƙaramin shago mai kujera biyu da kusurwar lalle, mai shago da ma'aikaciya guda. Alƙaluman da zan kawo na misali ne domin lissafin ya fito sarai, ke kuma sai ki sa naki a gurbinsu.

Mataki na farko: rubuta abin da kika zuba

Kafin a yi maganar cinikin yau, ki ɗauki littafi mai bango mai kauri, ki ware shafinsa na farko domin jari. A nan za ki rubuta duk abin da ya shiga shagon kafin a buɗe ƙofa, da kuma inda ya fito. Mu ce an kashe riyal 60,000 wajen hayar farko da gyaran wuri da kujeru da madubai da takardu. Riyal 40,000 daga ajiyarki ne, riyal 20,000 kuma yayanki ne ya ba ki. Tambayar da ya kamata a amsa a wannan shafi tun yau ita ce: kuɗin yaya rance ne, ko kyauta, ko hannun jari? Gidaje da yawa sun yi rigima a kan wannan tambaya saboda ba a yi ta ba a lokacin da fuska take sake. Idan rance ne, ki rubuta nawa za a riƙa biya da kuma yaushe, ya sa hannu, ki sa hannu. Na'urar busar da gashi da kika ɗauko daga gida, da kaskon turare, da tawul, su ma ki rubuta su da kimar da za su yi idan an sayar yau, domin daga ranar sun zama kayan shago.

Mataki na biyu: asusu biyu, waya ɗaya tak ta karɓar kuɗi

Wanda ya buɗe ƙaramar sana'a da sunansa shi kaɗai, a idon doka shi da sana'ar abu ɗaya ne, bashin shago bashinsa ne. Saboda haka babu wanda zai tsaya a kanki ya hana ki cin kuɗin durowa. Katangar ke za ki gina ta da kanki. Tubalin farko shi ne asusun banki da sunan shagon, wanda ake buɗewa da sijil ɗin kasuwanci. Na'urar kati, wadda kowa yake ce wa shabaka, a haɗa ta da wannan asusu, kuma duk wadda za ta yi tahawil a ba ta lambar wannan asusu. Katin asusun shago ba ya zuwa bakala, ba ya zuwa kantin kayan yara, ba ya biyan kuɗin mota zuwa gidan biki. Mafi sauƙi shi ne ki bar shi a shago cikin abin da ake kullewa, kada ki sa shi a wayarki, domin katin da yake cikin waya hannu ba ya tambaya kafin ya miƙa shi.

Inda aka fi samun yoyo shi ne tsofaffin abokan ciniki da suka saba tura miki kuɗi ta lambar wayarki tun kina aiki a gida. Ba za su daina a rana ɗaya ba. Ki buga lambar asusun shago a takarda ki manna kusa da madubi, idan kuma wata ta riga ta tura asusunki, ki mayar da kuɗin asusun shago kafin ki kwanta, daidai adadin da aka turo, ba a dunƙule da na wata ba, domin a iya gane shi a takardar banki daga baya. Haka nan kada ki yarda ma'aikaciya ta karɓi tahawil a asusunta ta ce za ta ba ki a hannu. Ban da ɓatan lissafi, akwai dokar yaƙi da tasattur ta shekarar 2020, wadda ta haramta wa wanda ba ɗan ƙasa ba gudanar da kasuwanci a ƙarƙashin sunan wani ba tare da lasisi ba, kuma hukuncinta yana kai wa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Kuɗin shago da yake bi ta asusun ma'aikaciya baƙuwa yana cikin abubuwan da suke jawo zargi, ko da niyyarku tsarkakakkiya ce.

Mataki na uku: yanka wa kanki albashi

Wannan shi ne matakin da ya fi wuya a zuciya, kuma idan ba a yi shi ba sauran duk wahalar banza ce. Mai shago tana da buƙatu, ba za ta yi aiki daga azahar zuwa tsakar dare ta koma gida hannu rabbana ba. Abin da ake so shi ne ta ɗauki adadi sananne a rana sananniya, maimakon hamsin yau, ɗari gobe.

Ga yadda ake gano adadin. Ki fara jera abin da shago yake ci a wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba. A misalinmu haya riyal 36,000 ce a shekara, wato 3,000 a wata. Albashin ma'aikaciya 4,000. Wuta da ruwa da intanet 700, kuma ki ɗauki na watan zafi, ba na sanyi ba, domin na'urar sanyaya ɗaki a Makka ba ta hutawa. Kayan aiki, irin su rini da man wanke kai da lalle da auduga, 2,000. Sabunta lasisin baladiyya da sijil da gyaran abin da ya lalace, idan aka raba su kan wata goma sha biyu, mu ce 300. Jimla riyal 10,000. Yanzu sai ki dubi cinikin watan da ya fi kowane rauni, ba na watan salla ba. Idan watan da ya fi rauni ya kawo 13,000, abin da ya rage 3,000 ne, kuma albashinki bai kamata ya cinye shi duka ba. Riyal 2,500 ya yi, a bar 500 saboda abin da ba a zata ba.

Sabon shago ba shi da watannin baya da za a duba. A wata ukun farko ki sa wa kanki mafi ƙarancin abin da zai riƙe ki, ki rubuta cewa na wucin gadi ne, bayan wata uku ki sake lissafi da alƙaluman gaskiya. Ranar biyan albashi, ki biya ma'aikaciya tukuna, sannan ki tura naki daga asusun shago zuwa asusunki a tahawil guda. Daga wannan kuɗi ne adashi zai fito, da gudummawar biki, da abin da ake aika wa dangi a gida, da ankon salla. Adashi musamman yana ruɗar mutane, saboda ana ganinsa kamar ajiya ce ta sana'a. Idan da sunanki kika shiga, daga albashinki za ki zuba, ranar kwasa kuma kuɗin naki ne. In kin ga dama ki sa shi a shago, sai ki koma shafin farko ki rubuta shi a matsayin ƙarin jari ko rancen da kika ba shago.

Mataki na huɗu: ware haya kullum

Hayar shago a nan ba wata-wata aka fi biya ba, sau ɗaya ne ko sau biyu a shekara, kuma wannan ne yake sa mai shago ta ga asusu cike ta ɗauka riba ce. A misalinmu ana biyan 18,000 duk wata shida. Idan shago yana buɗewa kwana 26 a wata, hayar kowace rana ta kama riyal 115 da 'yan halala, sai a cike ta zama 120. Kwana 26 sau 120 ya ba da 3,120, a wata shida 18,720, wato haya ta cika har da ɗan saura. Ki nemi bankinki ya buɗe miki ƙaramin asusu na biyu a ƙarƙashin na shago, ko ki tanadi akwati mai makulli wanda ba a buɗe shi don canji, ki riƙa kai wannan kuɗi can ko da sau ɗaya a mako ne. Ki kuma duba yarjejeniyar hayarki da wace kalanda aka rubuta ta. Shekarar hijira ta gaza ta miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka idan da watan hijira ake bin ki, ranar biya za ta riƙa matsowa kowace shekara, alhali ke kina lissafi da watan albashi.

Mataki na biyar: shafin kowace rana

Kowace rana tana da shafinta, da kwanan wata a sama. A layin farko ki rubuta canjin da aka buɗe durowa da shi, kuma ya zama adadi ɗaya kullum, mu ce riyal 300 a ƙananan takardu. Sai ki ja layuka a tsaye: aikin da aka yi, wadda ta yi shi, sannan gida huɗu na kuɗi, wato kash, shabaka, tahawil da bashi. A ƙasan shafin ki bar wuri biyu, ɗaya na abin da aka kashe wa shago, ɗaya na abin da mai shago ta cira don kanta. Ana rubutawa ne lokacin da kuɗi ya shiga hannu, kafin a kira ta gaba ta hau kujera. Wadda ta ce za ta tuna da dare, ranar Alhamis mai cunkoso za ta nuna mata iyakar tunaninta. Da biro ake rubutu, kuskure kuma a ja masa layi ɗaya a rubuta daidai a gefe, ba a yage shafi.

Bari mu bi wata Alhamis daga buɗewa zuwa rufewa. An yi kitso na 120, an biya kash. An wanke kai an busar, 80, ta shabaka. Lallen hannu da ƙafa 150, ta tahawil. Rini 250, ta shabaka. Dilka da halawa 200, kash. Kitson yara biyu 100, kash. An sayar da kwalbar man gashi 60, kash. Wata uwar amarya ta kama ranar gyaran jiki da lalle na 1,500, ta tura 500 kafin alƙalami, abin da ake ce wa arbun. Daga ƙarshe ɗiyar goggonki ta yi kitson 120 ta ce sai an yi albashi. A cikin yinin an sayo auduga da safar hannu na 45, an sayi ruwan sha na 20, duka daga durowa, kuma an soke rasit ɗinsu a ƙusa.

Idan aka tara gidaje, kash ya kama 480, shabaka 330, tahawil 650, bashi 120. Kuɗin da ya shigo ta hanyoyi ukun farko 1,460 ne, kuma wannan ne adadin da mai shago marar littafi za ta faɗa idan an tambaye ta cinikin yau. Amma 500 daga ciki ba ciniki ba ne, amana ce. Ba a yi aikin ba, ba a sayi kayansa ba, kuma idan aka ɗaga bikin ko aka fasa, wataƙila a mayar da shi ko wani ɓangare nasa, gwargwadon abin da kuka yi yarjejeniya. Saboda haka ki buɗe wa kafin alƙalami shafi na dabam a bayan littafi, da ranar bikin da jimlar kuɗi da abin da aka bayar da abin da ya rage, kuma sai ranar da aka yi aikin ne 1,500 ɗin gaba ɗaya zai shiga ciniki. Cinikin wannan Alhamis da ya shigo hannu 960 ne, aikin da aka yi kuma har da na bashi 1,080. Haka tukwicin da wata ta ƙara a kati don ma'aikaciya, shi ma amana ne, a rubuta shi a gefe a ba ta abinta.

Mataki na shida: rufe durowa kafin a kashe fitila

Lissafin durowa ɗaya ne kullum: canjin safe, a tara da kash da ya shigo, a cire abin da aka kashe daga durowa. A ranarmu 300 da 480 sun zama 780, a cire 65, saura 715. Wannan ne abin da ya kamata a tarar. Ki rubuta shi kafin ki ƙirga, domin wadda ta fara ƙirgawa takan lanƙwasa lissafi ya dace da abin da ta gani. An ƙirga, an sami 665. Akwai giɓin 50.

Kafin zuciya ta tafi kan ma'aikaciya, akwai hanyoyin bincike da suke warware yawancin giɓi cikin minti biyar. Da farko ki fitar da takardar muwazana daga na'urar kati, wadda take nuna jimlar abin da aka biya ta shabaka a ranar, ki gwada da gidan shabaka na littafi. Idan durowa ta gaza da 80, muwazana kuma ta fi littafi da 80, babu abin da ya ɓata, an dai rubuta aikin kati a gidan kash ne. Na biyu, idan giɓin ko rarar ya rabu da tara ba saura, kamar 90 ko 27, ki nemi inda aka juya lambobi, misali aka rubuta 210 a maimakon 120. Na uku, idan bambancin ya yi daidai da ninki biyu na wani adadi da yake shafin, to an tara abin da ya kamata a cire ne. Idan kuwa giɓin dunƙulalle ne kamar 50 ko 100, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan, galibi takarda guda ce ta fita, ko a canji ko a hannun wani na gida. A ranarmu muwazana ta nuna 330 daidai, tahawil biyu suna cikin asusu, sai mai shago ta tuna cewa bayan magariba ɗanta ya leƙo, ta miƙa masa hamsin ya sayo burodi da madara.

Wannan hamsin ba laifi ba ce, rashin rubuta ta ne laifi. Ta shiga gidan cirewar mai shago, kuma ƙarshen wata a zare ta daga albashi. Dalilin da ya sa na nace a kanta shi ne lissafi: hamsin a kullum, kwana 26, riyal 1,300 ke nan, fiye da rabin albashin da muka yanka. Shago yana iya yin ciniki mai kyau wata shida a jere ya kasa biyan haya ta wannan ƙofa kaɗai, mai shi kuma ta rantse ba ta taɓa ɗaukar kuɗi mai yawa ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Idan an bincika ba a gano ba, ki rubuta giɓin yadda yake, kada ki cike daga jakarki a ɓoye, kada kuma ki aljihunta rara idan ita aka samu. Giɓin riyal biyar nan da can na canji ne. Wanda yake maimaituwa a rana ɗaya ta mako, ko a lokacin da ba kya nan, shi ne abin zama a yi magana, kuma littafin ne zai ba ki bakin yin ta ba tare da zato ba. Bayan an gama, a mayar da 300 durowa domin gobe, sauran a sa a ambulan a rubuta kwanan wata da adadi a bayansa, a kai banki sau ɗaya ko sau biyu a mako. Game da kuɗin shabaka, kada ki firgita idan abin da ya sauka a asusu ya ɗan gaza abin da muwazana ta nuna, ko bai sauka a ranar ba. Banki yana cire ladarsa, kuma kuɗin yakan ɗauki lokaci kafin ya bayyana. Ki tambayi bankinki nawa yake cira a kan katin mada, nawa kuma a kan sauran katuna, ki rubuta ladar cikin abin da shago ya kashe.

Dangi, bashi da aikin kyauta

Babu mai shago a cikinmu da za ta ce wa goggonta ta biya kuɗin lalle, kuma ba na ba da shawarar a yi haka. Amma rinin da aka shafa mata da kuɗin shago aka saye shi. Hanyar da ta fi tsafta ita ce ki rubuta aikin a shafi, ki sa alamar kyauta, sannan kuɗin kayan da aka yi amfani da su ya shiga gidan cirewarki. Ta haka alherin ke kika yi shi daga aljihunki, ba mai gini ko ma'aikaciya ba. Idan ma'aikaciya ce ta yi aikin kuma kuna da tsarin kamasho, ki biya ta nata, domin goggonki ce, ba tata ba.

Bashi kuma yana da shafinsa, kowace mai bashi da layinta, da ranar da ta ce za ta biya. Ki sa wa shago iyakar da bashin waje ba zai wuce ba, mu ce cinikin yini ɗaya, kuma wadda ba ta biya na baya ba kada a ɗora mata sabo. Littafi yana sauƙaƙa wannan magana ƙwarai. Idan wata babba ta ce, "'Yata, ki yi mini, ƙarshen wata zan haɗa miki duka," kina iya cewa, "Hajiya, ba don ke ba wallahi, littafin ne ba ya ɗaukar na biyu sai an goge na farko. Ko rabin na baya ne ki rage, sai mu zauna." Rancen da wani na gida ya nema kuwa, daga albashinki zai fito idan kina da hali. Durowa ba ta ba da rance.

Mataki na bakwai: shafin ƙarshen wata

Ranar farko ta sabon wata, kafin a buɗe shago, ki zauna da littafi da takardar banki da rasitan da suke ƙusa. Mu ce cinikin da ya shigo hannu a watan 14,600 ne, akwai kuma 600 a waje. Abin da shago ya kashe, har da 3,120 na haya da aka ware da ladar banki, ya kama 10,200. Albashinki 2,500, amma da yake kin cira 200 a cikin wata, 2,300 za ki tura wa kanki. Abin da ya rage wa shago 1,900 ne. Yanzu sai a gwada da zahiri. Idan an shiga watan da 5,000 a asusun aiki, ban da canji da asusun haya, kuma an karɓi kafin alƙalami na 1,000 da ba a yi aikinsa ba tukuna, to bayan an biya albashi, abin da yake banki da ambulan, tare da kuɗin shabakar daren jiya da bai sauka ba, ya kamata ya zama 7,900. Idan ya yi daidai ko ya kusa, littafinki yana faɗin gaskiya. Idan ya yi nisa, ki fara da tahawil ɗin da suka faɗa asusunki ba a mayar ba, domin nan ne aka fi samun su.

Wannan 1,900 kada a taɓa ta a watan. Ki bar riba ta taru sai ta kai abin da shago yake ci a wata biyu, sannan ki fara ɗiba, shi ma sau ɗaya duk wata uku, a rubuce. Dalili kuwa sana'ar tana da damina da rani. Goman ƙarshe na azumi da daren salla ana aiki har asuba, lokacin hutun makaranta bukukuwa suna yawa, amma farkon azumi da makonnin da suke biyo bayan salla kujera takan wuni babu kowa, alhali haya da albashi ba su san da wannan ba. Kuɗin daren salla shi ne yake biyan albashin watan da ya biyo baya.

Jimlar kowane wata ki kwafe ta a shafi guda a ƙarshen littafi, wata goma sha biyu a jere, domin ita ce za ta gaya miki matsayinki a wajen hukumar zakka da haraji da kwastam. Harajin da ake ɗorawa a kan kaya da ayyuka kashi 15 cikin ɗari ne tun watan Yulin 2020, rajistarsa tana zama dole idan cinikin shekara ya wuce riyal 375,000, ana kuma iya yin ta bisa zaɓi daga 187,500. Shagon misalinmu, mai cinikin kusan 15,000 a wata, yana wajen 180,000 a shekara, wato bai kai ko ɗaya ba. Amma ranar da aka ƙara kujeru biyu aka fara ɗaukar amare uku a mako, jimlar wata goma sha biyun baya za ta fara hawa da sauri, kuma abin da ake dubawa ciniki ne, ba riba ba. Idan kika ga ta doshi 300,000, lokaci ya yi da za ki ɗauki littafin da rasitan da takardun banki ki kai wa akanta, ki tambaye shi yadda za a yi rajista da yadda farashin kitso da lalle zai ɗauki harajin.